Takarda zuwa ga maƙwabcina Alhaji Bappa, a kan janareta

Tudun Wada, Gombe
Laraba, 24 ga Afrilu, 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da dukkan mutanen gida. Yaya jikin Dada? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne, ya ba ka ladan ɗawainiyar da kake yi da ita.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in tare ka a ƙofar masallaci, domin maganar ba ta cikin jama'a ba ce, kuma na san da ka idar da Isha a gajiye kake, daga kasuwa. Ita takarda sai ka sami sukuni ka karanta, ba wanda ya tsaya a kanka yana jiran amsa. Kai babba ne a gare ni, don haka idan ka ga wata kalma da ba ta zauna daidai ba, ka yi mini afuwa.

Maganar janaretan gidanka ce, wanda ake tayarwa bayan Isha ya kwana yana aiki har gari ya waye. Ƙararsa tana hana mutanen layin nan barci. Ina kyautata zaton ba ka san yadda abin yake kai wa a waje ba, domin ɗakunan kwananku suna can ciki ta gabas, ga tagogi a rufe, ga fanka tana juyawa. Injin kuwa yana jingine da katangar da ta raba mu, bututun hayaƙinsa ya dubi lungu. Lungun nan ka san shi, katanga ta nan katanga ta can, duk ƙarar da ta faɗa ciki ba ta da mafita sai ta bi shi har bakin titi. Ni da nake manne da kai, gilashin tagar ɗakina karkarwa yake yi dare farai, har sai da uwargida ta cusa masa tsumma a gefe. Kofin silba idan aka bar shi a kan faranti, ana jin yana kaɗawa shi kaɗai.

Da ni kaɗai ne, wallahi da na haƙura, don abin da ke tsakaninmu ya wuce wannan. Ban manta daren da Hajiya ta kwana a asibiti tare da iyalina lokacin haihuwar autarmu ba, kuma har gobe rijiyar burtsatsen gidanka rabin layin nan ke sha, ba ka taɓa karɓar sisin kowa ba. Amma mutane sun fara magana, kuma gara ka ji daga bakina da ka tsinta a majalisa an ƙara mata gishiri. Baffa mai gidan kwana, wanda hawan jini ke damunsa, ya ce likita ya umarce shi da ya riƙa samun isasshen barci, ga shi yanzu sai ya idar da Asuba yake samun runtsawa. Matar nan ma'aikaciyar jinya da ke haya a gidan da ke kallon naka, ranar da take aikin safe haka take fita da jajayen idanu, alhali allura za ta je ta yi wa mutane. Ga masu jarirai. Ga 'yata Zainab da sauran yaran da za su zauna WAEC kwanan nan: ta saba tashi ƙarfe 3 ta yi karatu, yanzu ta ce ko ta buɗe littafin ba abin da ke shiga. Ladan ma ya yi zancen cikin raha, wai yanzu su biyu ne masu kira a unguwar, kuma ɗayan ya fi shi murya.

A watan azumi ba wanda ya ce uffan, don dama idon kowa biyu, daga tahajjud sai sahur. Yanzu da Salla ta wuce, makarantu da wuraren aiki suka koma, sai abin ya fito fili. Kuma lokacin ya zo daidai da bazara. Ka san zafin Gombe a Maris da Afrilu, ɗaki ba ya shiguwa, yawancinmu a tsakar gida muke shimfiɗa tabarma, wasu a ƙofar gida. Wanda ya rufe taga don gudun ƙara zafi ya dafa shi, wanda ya buɗe kuma ƙara ta hana shi sakat.

Na san ba don nishaɗi kake ƙona mai ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba mai hankalin da zai kwana da inji a kunne sai da dalili. Dada ba ta jure zafi, dole a kunna mata fanka. Firizojin Hajiya kuma na ƙanƙara da zoɓo da kunun aya sana'a ce, muna ganin yaran da ke cin abinci a ƙarƙashinta. Wutar kuma sai a hankali, a kawo ta awa biyu a ɗauke, wani lokacin ma ta zo ba ƙarfi, ko fanka ba ta iya juyawa. Saboda haka ba cewa nake yi ka daina amfani da kayanka ba, ba ni da wannan hurumin. Roƙo nake yi a duba yadda za a rage.

Abu na farko da kunnena ya ba ni shi ne salansar ta mutu. Bara da aka kawo injin ba haka yake ba, gurnani kawai yake yi a hankali, har mukan manta da shi. Wajen watanni biyu ke nan muryarsa ta canza, ta koma tatata mai tsaga kunne, wani lokacin ya yi tari ya harba. Da na leƙa ta saman katanga ina gyara igiyar shanya, na hango baƙin tabo a jikin bangon daidai inda salansar ta haɗu da injin, alamar ta tsage ko kusoshinta sun kwance, hayaƙi na fita ta inda bai kamata ba. Wannan ƙaramin aiki ne, ko a yi mata walda ko a sa sabuwa. Ƙanen matata makanikin janareta ne a Jekadafari, hannunsa na da kyau, kuma ya ce zai zo ya duba ba sai an ba shi kuɗin ƙafa ba. In ya zo sai ya duba fulogi da baƙin mai gaba ɗaya, tun da injin da ba ya ƙona mai daidai ya fi ƙara kuma ya fi sha. Wato gyaran zai rage maka kashe kuɗi ma.

Sai mazauninsa. Yanzu a kan dandaɓen siminti yake kai tsaye, robobin ƙafafunsa sun cinye, shi ya sa jijjigar ke bin ƙasa ta shiga katanga ta iso ɗakunanmu. Rumfar kwanon da aka yi masa kuma ba a ɗaure ta da kyau ba, ita ma tana nata kiɗan. Idan aka ɗora shi a kan tsohuwar taya da katako mai kauri, aka ƙara wa kwanon ƙusa, za a ji bambanci a daren farko. In da hali a matsar da shi can bayan gida wajen bishiyar darbejiya, inda bututun zai dubi filin da ba kowa, to an gama da rabin matsalar, domin ƙara tana raguwa sosai da 'yar tazara kaɗan. Waya ce kawai za a ƙara. Ina da bulo kusan 40 da suka rage mini daga ginin bayi, suna nan a zaure ba abin da nake yi da su. A ɗauka a yi masa 'yar katanga ta ɓangaren gidaje, a bar sama da gefe ɗaya a buɗe don ya sha iska. Kada dai a rufe shi ruf, zai yi zafi ya lalace, kuma da haɗarin gobara.

A nan akwai abin da ya fi ƙarar damuna, kuma saboda shi ne ma na ga bai kamata in ƙara jinkiri ba. Tagar ɗakin da samarin gidanka suke kwana ba ta fi taku uku daga injin ba, kuma a buɗe suke barinta saboda zafi. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum yana barci take shigarsa, in ya farka da ciwon kai da jiri ya yi sa'a, wani ba ya farkawa. Muna jin labarin iyalai da aka wayi gari an rasa su gaba ɗaya ta wannan hanya, Allah ya kiyaye. Masana lafiya suna cewa a nisanta inji da taga ko ƙofa da aƙalla mita 6. Ko da ba ka ɗauki komai a takardar nan ba, Alhaji, don Allah ka ɗauki wannan.

Babban roƙon kuwa na lokaci ne. Da za a riƙa kashe shi ƙarfe 11 na dare, a sake tayarwa bayan an fito sallar Asuba, da ka yi wa layin nan babban alheri. Na san abin da Hajiya za ta fara tunani shi ne ƙanƙararta. Firiza da ta cika ta daskare, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyinta fiye da kwana guda, balle awa shida na tsakar dare da ba mai saye. In an tayar da injin tun La'asar kayan suka kama sosai, zuwa safe ba abin da zai same su. Ɗakin Dada kuma fanka mai caji za ta kai ta Asuba, ko ƙaramin batir da sola in Allah ya hore nan gaba. Akwai guda a wurina da ba ma amfani da ita sosai, zan aiko Zainab da ita yau a gwada mata, in ta yi daidai a bar ta a can. Daren da jikin Dada ya motsa, ko aka yi baƙi, ko wani uzuri ya taso, ka kunna abinka har safe, ba wanda zai ce don me. Mu dai kada ya zama kullum.

Wasu sun ce a kai maganar gaban Mai Unguwa. Na ce a'a, ba a kai ƙarar mutumin da ba a taɓa gaya masa ba, kuma Alhajin da na sani ba sai an kai shi ko'ina ba. Sun yarda sun bar mini. Ba wanda ya ga takardar nan, ko uwargida ban karanta mata ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Idan kuma akwai abin da ke fitowa daga gidana yana damunka, ko hayaniyar yara, ko awakin nan da ke tsallaka maka, ko ruwan kwata, ka gaya mini kai tsaye, zan gyara.

In ka amince, ranar Asabar bayan La'asar ina gida, sai in kira makanikin ya zo mu duba tare, yarana su kwaso bulon. In ranar ba ta yi maka ba, ka aiko yaro ya faɗa mini wadda ta fi.

A gaida Hajiya, a yi wa Dada sannu da jiki. Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci.

Wassalam.

Ƙanenka kuma maƙwabcinka,
Malam Usman