Saƙonnin Tunin Bashi Daga Wani Shagon Sari a Kantin Kwari

Saƙo na farko: Laraba, 16 ga Afrilu, 2025

Assalamu alaikum Alhaji Bala. Da fatan an yi Sallah lafiya, ya kasuwa, ya mutanen Azare? Musa ne, akawun shagon Alhaji Garba. Tuni ne kawai a kan kayan da aka ɗora muku a mota ranar 3 ga Maris: atamfa turmi 120 a kan naira 14,500 kowane turmi, da shadda bandir 10 a kan naira 60,000. Jimla naira 2,340,000. Kun ba da 900,000 a hannu, saura 1,440,000, wanda aka yi da ku za a cika mako biyu bayan Sallah, wato shekaranjiya Litinin. Mun san hidimar bayan Sallah, ta yiwu abin ya shige muku. Lambar asusu tana nan a jikin rasit ɗinku. In kuma an riga an turo, a taimaka mana da hoton shaidar biya mu gyara littafi. Allah ya ba da kasuwa.

Saƙo na biyu: Alhamis, 24 ga Afrilu

Salam Alhaji. Musa ne dai. Yau kwana goma ke nan da cikar wa'adi, ba mu ga kuɗi ba, ba mu kuma ji daga gare ku ba. Na kira sau biyu jiya, wayar tana shiga ba a ɗauka ba. Allah ya sa lafiya. Idan akwai wata matsala a kayan ko a lissafin, ku faɗa mu duba tare. Idan babu, muna roƙon a sa mana ranar da za a biya naira 1,440,000 ɗin, don mu ma mu san abin da za mu faɗa wa masu binmu.

Saƙo na uku: Talata, 6 ga Mayu

Assalamu alaikum Alhaji Bala. Naira 400,000 da kuka turo ranar Juma'a ta shigo, mun gode, an kuma rubuta. Saura 1,040,000.

Na isar wa maigida bayaninku cewa ma'aikata da yawa sun ɗauki atamfa bashi har yanzu ba su kawo ba. Ya ce ya fahimta, shi ma ɗan kasuwa ne. Sai dai kayan nan mu ma ba da kuɗinmu kaɗai muka sauke su ba. Dilolin da aka buɗe aka cire muku turmi 120, mai su yana zuwa shago kusan kullum, ya zauna a kan benci har la'asar. Ga Babbar Sallah ta matso, kuma wanda bai biya tsohon kaya ba, ba a ba shi sabo.

Don haka maigida ya yarda a raba muku ragowar gida huɗu: naira 260,000 kowace Litinin, ranakun 12, 19 da 26 ga Mayu, sai 2 ga Yuni. Ba a ƙara muku ko kwabo ba. Idan kun amince, ku amsa a rubuce a nan kafin ranar Alhamis. Kayan Sallar da kuka ce a ware muku kuwa, za su ɗan dakata har sai kashi biyu na farko sun shigo.

Saƙo na huɗu: Talata, 20 ga Mayu

Assalamu alaikum Alhaji Bala. Ni ne Garba da kaina. Shekara shida muna ciniki da kai, ban taɓa rubuto maka irin wannan ba, kuma ba da daɗin rai nake yi ba.

Ka amince da biyan kashi huɗu a rubuce ranar 7 ga wata. Litinin biyu sun wuce, ko kashi ɗaya bai shigo ba, kuma ba ka kira ka ce ga dalili ba. Rashin maganar ya fi rashin kuɗin damuna.

Na ba ka zuwa Talata mai zuwa, 27 ga Mayu, ka turo naira 520,000 na kashi biyun da suka wuce, sauran kuma ya cika zuwa 2 ga Yuni. Idan akwai turamen da ba a yanka ba, suna nan da ledarsu, ka dawo da su in karɓa a farashin da na ba ka, a rage a cikin bashin. Idan ranar ta wuce shiru, zan sanar da Malam Isa, tunda shi ya kawo ka ya kuma tsaya maka, daga nan mu je gaban shugabannin kasuwa da rasit da waɗannan saƙonni. Ba na so ta kai mu ga kotu, amma haƙƙin mutane ne a wuyana.

Ina shago kullum daga ƙarfe tara na safe zuwa biyar na yamma. Ka kira ni kai tsaye, ba sai ta hannun Musa ba. A gaida iyali.