Jawabi ga ƙungiyar matasan unguwar Birni kan bashin biki

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, ƴan uwa samari da ƴan mata, sannunku da zuwa.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma bashin jari daban, bashin biki daban. Wanda ya ci bashi ya sayi babur na kabu-kabu, babur ɗin ne zai biya. Tanti da kujeru da kiɗa kuwa, da gari ya waye an kwashe su, sai takardar bashi a hannun ango.

Mu yi lissafi. A ce ka karɓi jika 500 wajen mai ba da kuɗi da ruwa, kowace jika 10 tana haihuwar jika 1 a wata. Jika 50 ke nan duk wata, ruwa kawai. Shekara guda ka biya jika 600, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Ga shi riba ce, addini ya haramta. Kafin nan amarya ta haihu, ragon suna ya taso, a sake cin wani bashin. Nan ne ake sayar da fili ko a jinginar da gona, nan ne kuma faɗa ke shiga ɗaki tun lallen amarya bai gama fita ba.

Kafin a sa rana, ɗauki takarda ka raba ta biyu. Gefe ɗaya sadaki, ɗakin zama, abincin wata uku, goro da dabino na ɗaurin aure, da walima. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da tunkiya ɗaya. Ɗaya gefen anko, jerin motoci, makaɗa, akwatuna barkatai. Ka je Kasuwar Dole da ƙafarka ka tambayi farashi, kar ka yi ƙiyasi. Gefe na biyu ba a cin bashi dominsa, ko dala.

Kada ku sa gudummawa cikin lissafi. Ba ta da tabbas, kuma ita ma rance ce: ranar bikin wanda ya kawo, sai ka mayar.

Adashe ya fi. Mutum 10, jika 20 kowane wata, kwasa jika 200 ba ruwa, a ba mai aure kwasar da ta dace da ranarsa. Hatsi a saye shi da kaka. Rago a sayi ƙarami a kiwata, ba dab da Layya ba. Maganar rage lefe da gara kuwa, kawu ko baffa ake turawa tun wuri, ango ba ya iya ta da bakinsa. Ƴan mata, ku ma ku sauƙaƙa wa iyayenku kayan ɗaki.

In rance ya zama dole, ya kasance wajen ɗan uwa, ba ruwa, wanda za ka iya biya cikin wata uku. A rubuta shi gaban shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta.

Masu son shiga adashe su ba ma'aji sunansu kafin mu tashi, zubin farko ranar Asabar bayan la'asar. Na gode.