Taimtebul ɗin lakca da na jarrabawa, na mayar da su layi-layi don ku zuba a kalanda

Salamu alaikum 'yan aji, barkanmu da shan ruwa. Hotuna biyun nan da ake ta turawa tun jiya, wato sabon taimtebul na makonni huɗun da suka rage da kuma daraf ɗin farko na jarrabawa, na zauna na juye su zuwa fayil ɗin CSV yadda kowa zai iya zuba su cikin Google Calendar wayarsa ta riƙa tuna masa. Fayil biyu ne, ɗaya na lakca ɗaya na jarrabawa, kuma da gangan na raba su, zan faɗi dalili a ƙasa. Amma don Allah ku karanta wannan tukuna kafin ku danna komai, saboda akwai wurare biyu da ni kaina ban gama yarda da abin da hoton ya nuna ba.

Ga yadda layukan jarrabawa suke, na kwafo uku na farko don ku ga fasalin:

```
Subject,Start Date,Start Time,End Date,End Time,Location,Description
MTH 201 Jarrabawa,04/07/2026,9:00 AM,04/07/2026,11:00 AM,LT1,Daraf na farko
STA 211 Jarrabawa,04/09/2026,12:00 PM,04/09/2026,2:00 PM,LT2,Daraf na farko
GST 212 Jarrabawa,04/13/2026,9:00 AM,04/13/2026,11:00 AM,"CBT Centre, Hall A",Daraf na farko
```

Layin farko na sama kar wanda ya taɓa shi, kar a fassara shi zuwa Hausa kar a sauya masa rubutu, da waɗannan sunayen na Turanci kalandar take gane wane gida ne na kwanan wata wane ne na lokaci. A cikinsu Subject da Start Date kaɗai ne dole, sauran ƙari ne, amma jarrabawar da babu lokaci babu hol ai ba ta da wani amfani a kalanda shi ya sa na cike su duka.

To abin da ya fi komai haɗari a nan kwanan wata ne. A jikin allon sanarwa an rubuta 07/04/2026, mu a wajenmu 7 ga Afrilu kenan, ranar Talata, rana ce a gaba sannan wata. Shi kuwa misalin da Google suka bayar na wannan fayil wata ne a gaba sannan rana, irin na Amurka. Ma'ana idan ka kwafe 07/04/2026 yadda yake ka zuba, MTH 201 za ta iya tafiya ta zauna a 4 ga Yuli, kalandar kuma ba za ta ce maka uffan ba tunda 4 ga Yuli rana ce ta gaske, kai kana nan kana ganin Afrilu fayau babu komai. Wanda yake ranar 13 ko sama da haka da sauƙi, babu wata na 13 don haka kuskuren zai fito fili, amma daga 1 zuwa 12 shiru kawai zai wuce. Shi ya sa a fayil ɗin za ku ga 04/07/2026, ba kuskure ba ne, kar wani mai son gyara ya juya min shi.

Lokaci ma haka. Taimtebul ɗinmu ba ya rubuta safe ko yamma, 8-10 ne kawai, 12-2, 2-4, mu mun san 2-4 na rana ne amma na'ura ba ta sani ba, sai ka sa mata AM ko PM da hannunka. Sha biyun rana 12:00 PM ne, wanda ya sa 12:00 AM to tsakar dare zai ji waya tana kiransa STA 211.

Yanzu yadda na ciro rubutun daga hoton, don na san 'yan wasu sassan za su tambaya su ma su yi nasu. Na buɗe hoton a Google Lens na kwafe rubutun, kuma gaskiya ya rage min wahalar taifin, amma abin da yake ba ka tarin kalmomi ne kawai, tebur ɗin ya watse, ba za ka san wane kwas ne a ƙarƙashin wace awa ba. Musamman inda aka haɗe gida biyu ya zama ɗaya, kamar laraba da COS 201 ta cinye 10 zuwa 12, a rubutun da aka kwafo sau ɗaya sunan ya fito ba tare da alamar awa biyu ce ba. Ga kuma rikita haruffa da lambobi, 0 ya koma O, 1 ya koma l, LT1 ta fito LTI, STA 211 ta fito 5TA 2ll. Don haka na buɗe Google Sheets a gefe, hoton a ɗaya gefen na zuƙo shi sosai, ina bin rana ɗaya-ɗaya daga litinin, kowane kwas layinsa guda. Kafin ka rubuta kwanan wata ko ɗaya ka shiga File sannan Settings ka mayar da Locale zuwa United States, in ba haka ba shit ɗin zai riƙa fahimtar kwanakin yadda ya ga dama kai kana rubuta wani abu shi yana ajiye wani.

Wanda zai ɗauki hoton allo nan gaba don Allah ya tsaya daidai gaban takardar, kar a ɗauka ta gefe, a kashe filasha tunda allon gilashi ne a gabansa, kuma a turo shi a matsayin Document saboda in aka turo shi a hoto kawai WhatsApp yana matse shi ƙananan rubutu su dushe. Na jarrabawar nan da yake yawo hasken taga ya faɗo daidai kan layin alhamis, ya yi fari fat kamar an goge da dasta.

Wuraren biyun da nace ban yarda da su ba su ne waɗannan. Na ɗaya, hol ɗin STA 211 ranar alhamis 9 ga Afrilu, inda hasken nan ya ci, LT2 nake gani amma zai iya zama LT3, na sa LT2 na ɗan lokaci. Na biyu, furaktikal ɗin COS 201 na rukunin B, an soke lokacin da aka buga da biro an rubuta wani a samansa da hannu, 2-4 ne ko 3-5 ban iya tantancewa ba, kuma ban san wa ya yi gyaran ba, ko daga ofis ne ko wani ɗalibi ne ya ga damarsa. Wannan layin ban ma sa shi a fayil ba sam. Duk wanda zai bi ta sashe gobe da safe ya duba takardar da idonsa ya faɗa mana, in an samu dama a tambayi jami'in jarrabawa ma ya fi.

Na lakca ya fi tsawo saboda wani abu guda, CSV bai san "kowane mako" ba. Babu gidan da za ka ce masa wannan lakcar ta maimaita duk litinin, dole kowace litinin ta samu layinta, shi ya sa MTH 201 kaɗai ta fito haka:

```
MTH 201,03/09/2026,8:00 AM,03/09/2026,10:00 AM,LT1,
MTH 201,03/16/2026,8:00 AM,03/16/2026,10:00 AM,LT1,
MTH 201,03/23/2026,8:00 AM,03/23/2026,10:00 AM,LT1,
MTH 201,03/30/2026,8:00 AM,03/30/2026,10:00 AM,LT1,
```

Ba sai ka yi ta lissafin kwanaki da ka ba, ka rubuta na farko a B2, a gidan ƙasansa ka sa `=B2+7` ka ja shi ƙasa, haka ma na End Date daga D2 da `=D2+7`, shi kenan. Na bar ranakun da ake sa ran sallah za ta faɗo wajen 20 ga Maris a ciki yadda suke, tunda sai an ga wata kuma sai an sanar da hutu, in an sanar kowa ya goge na ranakun da hannu, ba su da yawa. Juma'a 3 ga Afrilu kuwa na cire ta tun yanzu, hutun Ista ne. Rukunin A da B na furaktikal duk suna cikin fayil ɗaya da sunan rukunin a gaban kwas ɗin, ban da layin COS 201 na rukunin B da na faɗa a sama, ka goge layukan da ba naka ba kafin ka zuba, haka ma masu kari-oba ku ƙara naku layukan a ƙasa, ban sa su ba don kowa da nasa.

In ka gyara wani abu a Sheets, ka sauke ta File, Download, ka zaɓi na .csv, kuma ka sani shafin da kake kai kaɗai yake saukewa. Masu Excel ku zaɓi CSV UTF-8 wajen ajiyewa in kun rubuta Hausa mai ƙ ko ɗ a ciki, in ba haka ba alamar tambaya za ku tarar a wurinsu. Sannan duk gidan da yake da waƙafi a cikinsa, irin "CBT Centre, Hall A" na sama, sai an rufe shi da alamar zance, shit ɗin yana yi da kansa, mai gyarawa da hannu a Notepad ne zai kula.

Zubawar kanta ba a yin ta a manhajar waya, babu maɓallin a can. Kwamfuta ake so, ko ka buɗe calendar.google.com a Chrome ɗin wayarka ka kunna Desktop site, rubutun zai yi ƙanana amma yana yi. Kafin ka zuba, a gefen hagu inda aka rubuta Other calendars ka danna alamar + ka zaɓi Create new calendar, ka buɗe biyu, ɗaya Lakca ɗaya Jarrabawa. Dalilin raba fayil ɗin kenan, wannan daraf na farko ne kuma duk mun san sai an sake shi in masu karo sun kai ƙorafi, kuma in ka zuba babu wani maɓallin da zai kwashe maka su gaba ɗaya, idan cikin babbar kalandarka ka juye su to ɗaya bayan ɗaya za ka bi kana gogewa. Amma in tasu kalandar daban ce, sabon daraf na fitowa ka goge kalandar Jarrabawa ɗungurungum ka buɗe wata ka zuba sabon fayil. Kar ka zuba sabo a kan tsoho, kowace jarrabawa za ta fito sau biyu ka rasa wacce ce ta gaskiya.

Daga nan Settings, Import & export, ka zaɓi fayil ɗin, a ƙasansa ka zaɓi kalandar da zai shiga, wannan wurin ne mutane suke tsallakewa da sauri, sai Import. Zai faɗa maka guda nawa suka shiga, na jarrabawa 8 ya kamata ka gani. Ka leƙa Time zone ma ka tabbata na Legas ne GMT+01:00, wanda ya taɓa buɗe akawun ɗinsa da wani yankin zai ga lokutan sun goce. Sannan ka je 7 ga Afrilu ka ga MTH 201 tana nan ranar Talata ƙarfe 9 na safe, in ba ta nan ka leƙa Yuli.

In a kwamfuta sun fito amma a waya babu, ka shiga Settings na manhajar ka taɓa sunan sabuwar kalandar ka kunna Sync. A nan kuma za ka sa tunatarwa, ni na jarrabawa na sa kwana ɗaya kafin da kuma awa biyu kafin saboda masu zuwa daga cikin gari da neman adaidaita da safe.

Wanda ba shi da kwamfuta kuma Desktop site ta ƙi masa, ya same ni gobe litinin bayan MTH 201 a bakin LT1, zan zo da laftof ɗina, amma ka zo da fasuwod ɗin imel ɗinka a kanka don ba zan jira kana risetin ba, ina da lakca ƙarfe 12.