Hotunana na makon Ƙaramar Sallah da abin da na rubuta a ƙarƙashinsu

27 ga azumi, a shago, ƙarfe 1 na dare

Ɗinki 43 na karɓa bana, saura 6. Tef a wuya, zare a ɗankwali, keke bai huta ba tun bayan asham. Haka fuskata take idan aiki yana tafiya yadda nake so. Duk wadda na ce mata jajibiri, to jajibiri ne in sha Allahu.

28 ga azumi, Kantin Kwari

Na shigo neman leshi yadi 2 da zai hau da shaddar wata amarya. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ke ba a yi miki tsada." Na ce, "Alhaji, tun ina shekara 14 hannuna yake taɓa yadi, ko ido rufe zan gane mai kyau." Mun daidaita, na fito da abin da na je nema.

Jajibiri

Na ƙarshe ya bar shago kafin la'asar. Ban saɓa wa kowa alkawari ba. Yanzu lalle ne a hannuna, almakashi sai bayan Sallah.

Safiyar Sallah, kafin fita Idi

Ni na zaɓi atamfar, ni na yanka, ni na ɗinka, kuma ta zauna mini yadda na tsara. Barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana.

Ranar Sallah da hantsi, a tsakar gidan Hajiya Kaka

Wannan ban sa masa filta ba. Kwalli ne kawai da man leɓe, sai hasken rana da ke sauka ta gefen bishiyar darbejiya.

Baƙin fatar nan na gidanmu ne. Hajiya Kaka haka take, Inna haka take, ni ce ta uku. Wushiryar ta Baba ce, Allah Ya jiƙansa, shi ya sa nake murmushi da haƙorana a waje, don duk wanda ya san shi yana ganina zai tuna da shi. Ɗan tabon da ke saman girata kuwa na faɗuwa ne a bakin rijiya ina 'yar shekara 6, ina tsere da yayata. Ban taɓa shafa komai don in ɓoye shi ba.

An sha kawo mini man ƙara haske har shago, wai kasuwa za ta fi buɗewa. Na gode, na mayar. Yau da na gaishe ta, Kaka ta riƙe haɓata ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kamar na duba madubi shekara 50 baya." Da wannan fuskar na je koyon ɗinki, da ita na kama shago, da ita nake karɓar mutane kullum, kuma ina son ta a haka. Alhamdulillahi.

Washegarin Sallah, kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu

Ƙura ta hau gira, ƙarar bindiga da kakaki sun cika kunne, ɗaurin ɗankwalina bai motsa ba. Bakanuwa ce, a gida take.

Rana ta 3, yawon Sallah

Mayafin nan rinin marinar Ƙofar Mata ne, baba da toka, aka tsoma aka shanya har shuɗin ya kama, sannan aka kai shi mabuga. Na saye shi da kuɗin ɗinkina na farko bayan an yaye ni. Shekara 5 ke nan, duk Sallah sai na yafa shi. Shuɗi yana karɓata, na daɗe da sanin haka.

Rana ta 3 da yamma, cikin adaidaita sahu

Gida 7 na zaga, na gaida kowa, na ci tuwon Sallah a uku. Na gaji, raina fes.

Rana ta 4, ni da 'yan koyona biyu

Na tura su gaba a hoton da gangan. Hannun rigar da ke jikina ƙaramar ce ta haɗa, kuma ban warware ko ɗinki ɗaya ba. Na san abin da na koya musu.

Rana ta 6, an koma shago

Na share, na zuba wa keke mai, na kunna turaren wuta. Fuska ba kwalliya, hijabin aiki, ga kayan biki 3 suna jira a kan teburi. Amaryar farko za ta zo awo ƙarfe 10. Bismillah.