Rabuwar Ƙwayar Halitta: Taƙaitawa Ga 'Yan Ajin Farko, Birnin Kebbi

Ɗalibai, hotunan ba su fito a takardar da aka buga ba, don haka kowa ya ɗauki fensir ya zana da kansa. Lambar da za ku riƙe ita ce 46, adadin kuromosom na ƙwayar jikin mutum.

Intafes. Zana da'ira, da wata ƙarama a ciki, ita ce cibiya. Cika cibiyar da zare a cukurkuɗe. Kada wanda ya sake rubuta mini cewa ƙwaya tana hutawa a nan. A nan take girma, a nan take kwafe sinadarin gadonta. Idan zagayen rayuwar ƙwaya ya ɗauki kamar awa 24, maitosis kansa, wato matakan rabuwar da ke biye, bai wuce kamar awa 1 ba.

Furofes. Zaren ya naɗe ya yi kauri. Zana kowane kuromosom kamar kara biyu da aka gicciye aka ɗaure a tsakiya. Karan su ne tagwayen kuromatid, ƙullin kuwa sentiromiya. A ƙarshe tantanin cibiya ya watse, to ka zana shi da ɗigo-ɗigo. Igiyoyi sun fara miƙowa daga gefe biyu.

Metafes. Duk sun yi sahu ɗaya a tsakiya, kamar masunta a bakin Matan Fada suna jiran a ba da alama, kowanne da igiya ta dama da ta hagu.

Anafes. A nan aka fi zubar da maki. Ƙullin ya kwance, igiyoyi sun ja, tagwaye sun rabu, kowane ya nufi gefensa. Zana su a lanƙwashe, ƙullin a gaba, hannuwa na bin baya. Da zarar sun rabu, kowane kuromatid ya zama kuromosom mai zaman kansa. Ke nan 92 ne a cikin ƙwayar, 46 na tafiya kowane gefe. Bara rabin aji 23 suka rubuta. Wannan lambar ta meyosis ce, wadda ke samar da ƙwai da maniyyi.

Telofes. Sabon tantani ya kewaye kowane rukuni, zare ya warware. Sai saitokinesis: ƙwayar ta tsuke a ƙugu kamar an ja mazagin wando, har ta tsinke gida biyu iri ɗaya.

Me ya haɗa nas da wannan? Yawancin magungunan cutar kansa suna afka wa ƙwayoyi masu saurin rabuwa ne, ba sa tambayar mai laifi. Binkiristin, alal misali, yana hana igiyoyin nan haɗuwa, sai ƙwaya ta maƙale a metafes. Tushen gashi, fatar cikin baki da ɓargo duk masu saurin rabuwa ne, shi ya sa a ire-iren magungunan nan za ku ga gashi na zuba, baki ya yi gyambo, fararen ƙwayoyin jini sun ragu. Irin wannan majinyacin in ya yi zazzaɓi, a kira likita nan take.

Ku kawo zanenku ranar Talata, da adadin kuromosom a ƙarƙashin kowane hoto.