Ra'ayoyi uku kan koma-bayan mata

Masu rajin kare haƙƙin mata ba su taɓa zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba. Masu sassaucin ra'ayi, tun daga marubuciyar Ingila Mary Wollstonecraft a 1792, sun ɗora laifin a kan doka da rashin ilimi: a buɗe wa 'ya mace makaranta da rumfar zaɓe, sauran zai biyo baya. Dokar kason mata a kujerun zaɓe da muƙaman gwamnati da Nijar ta kafa a 2000 irin maganinsu ce.

Masu tsattsauran ra'ayi suka ce gyaran doka shafa mai ne a leɓe. Tushen cutar danniyar maza ce, kuma a cikin gida take kwana: wa ke yanke ranar aure, wa ke riƙe da saki?

Mabiya Karl Marx, Bajamushen masanin nan mai sukar jari-hujja, kuwa dukiya suke kallo. Abokin aikinsa Engels a 1884 ya danganta faɗuwar darajar mace da mallakar kadara da gado. Dubi mai dashen albasa a Galmi, nan jihar Tahoua: yini take duƙe a gonar wani, ta koma ga daka da ɗiban ruwa ba ko dala. A ganina bayaninsu ya fi kama ƙasa a nan, sai dai ya kasa faɗin abin da ya sa matar attajiri ma ke neman izinin fita.