Bayani kan saɓanin jimlar ciniki a dashbod na watan Maris

Ranka ya daɗe,

Na bi diddigin abin da ka nuna mini jiya. Jimlar da ke saman dashbod ta ce mun sayar da kaya guda 48,200, amma da ka tara layukan teburin da ke ƙasa ka samu 51,750. Lissafinka daidai ne. Tazarar 3,550 ɗin daga wuri biyu ta fito.

Na farko filta ce da ba a gani. An ɗora ta a kan akwatin jimlar kaɗai, tana cire duk odar da aka yi wa alamar `returned`, wato kayan da aka dawo da su. Teburin kuwa ba shi da ita, kowace oda yana nunawa. Guda 2,300 ke nan. Filtar ba ta cikin jerin da ke gefen allo, sai wanda ya buɗe saitin akwatin zai gan ta.

Na biyu ya fi damuna. Akwatin jimlar daga teburin oda yake ɗauko adadinsa kai tsaye, su kuma layukan an haɗa su da teburin isar da kaya domin a ga ranar da kaya suka isa. To, odar da aka kai a tafiya biyu sai ta fito sau biyu, kowane layi ɗauke da cikakken adadinta. Da wannan na gano su:

```sql
SELECT order_id, COUNT(*)
FROM sales_rows
GROUP BY order_id
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Oda 25 ne suka maimaitu, sun ƙara guda 1,250 da ba a taɓa sayarwa ba. In an cire su, cinikin watan ya zama 50,500. In aka fitar da kayan da aka dawo da su, sai ya sauko 48,200.

An ba ni shawarar in yi amfani da `SUM(DISTINCT quantity)` a huta. Ban yarda ba. Wannan adadi yake kallo, ba lambar oda ba, don haka mutum biyu da kowannensu ya sayi guda 50 za su koma mutum ɗaya. Na gyara haɗin ne daga tushe: yanzu kowace oda layi ɗaya gare ta, da ranar isarwa ta ƙarshe.

Filtar ban taɓa ta ba, domin hukuncinka ne. Wanne kake so jimlar ta nuna, 50,500 ko 48,200? A ganina a bar 48,200, a rubuta a ƙarƙashinta cewa ban da kayan da aka dawo da su, sannan a sa wa teburin filta iri ɗaya.

Ina roƙon a dakatar da lissafin kamashon 'yan kasuwanci zuwa gobe da rana. Daga layukan nan ake ciro shi, kuma ban gama duba Janairu da Fabrairu ba.

Na gode.
Jami'ar kula da bayanan ciniki